Bayan Sallah keke na ya yi shiru: wane ɗinki zan kama banda na sawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Unguwar Rogo, Jos, shekarata huɗu ina ɗinkin mata da keke ɗaya mai ƙafa. Lokacin Sallah ko barci ba na samu, amma da an wuce sai in yi sati biyu ban ɗinka abin kirki ba, ga teloli sun yi yawa a layinmu. Akwai wani ɗinkin da zan iya kamawa da wannan hannun nawa wanda ba na riga da siket ba? Jarina ba shi da yawa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai, kuma ba ɗaya ba. Wasu teloli sun koma kayan makaranta, wasu jakunkuna, wasu rigunan ma'aikatan asibiti, wasu gyaran kayan gwanjo. Amma zan tsaya miki a kan guda ɗaya, wanda na shafe shekaru ina ci da shi a garin nan kuma na san ramukansa: kayan ɗaki, wato zanin gado, rigar filo da labule. Shawarata ki bar auna mutum na ɗan lokaci ki koma auna katifa da taga.

Dalilina shi ne, jikin mutum ba ya tsayawa a awo ɗaya, ra'ayinsa ma haka. Kin ɗinka riga daidai, mai ita ta zo ta ce hannun ya matse, ko ta ga wani salo a wayarta bayan kin yanka. Katifa kuwa in kin auna ta yau, haka take har ta tsufa. Ɗinkin duk miƙaƙƙe ne, kekenki mai ƙafa zai yi shi ba sai kin jira wuta ba. Kuma lokacinsa ya saɓa da na Sallah, domin an fi ɗaura aure kafin azumi, da bayan Sallah, da ƙarshen shekara, kuma ba a kai amarya ɗakin da ba labule. Wato watannin da kike zaune shiru su ne watannin da iyayen amare ke ta faɗi-tashin kayan jere.

Kafin ki yi murna, ki san da wa za ki yi gogayya. Ki je Katako ki ga zannuwan gado da labulen gwanjo, ki zaga Taminus ki ga na kanti a cikin leda. Ba za ki taɓa kayar da su a araha ba, kada ma ki gwada. Ɗalibin da ke kwana a ɗakin haya a Naraguta ko titin Bauchi gwanjo zai saya, kuma bai yi laifi ba. Wurinki yana inda waɗancan suka gaza. Zanin kanti ba ya rufe katifa mai kauri, da an juya cikin dare sai ya zame. Labulen gwanjo ba don tagar gidan aka yanka shi ba, ko ya yi ɗangalgal ko ya ja ƙasa. Sannan uwar amarya tana son labule da zanin gado da rigunan filo su zama launi ɗaya, wannan kuwa sai dai a ɗinka. Abin da kike sayarwa ke nan: ya zauna daidai, ya kuma dace da juna.

Bari mu ɗauki zanin gado mai roba, wanda ke kama katifa ta kusurwa huɗu, mu yi lissafinsa tare. Mai kaya za ta ce miki katifarta shida da shida ce. Kada ki yanka a kan wannan maganar. Yawancin katifun kamfani da ake kira shida da shida, in kin ɗora tef za ki ga tsawonsu inci 75 ne, faɗi inci 72. Kauri kuma ya bambanta, akwai inci 8, akwai 10, akwai 12 har sama. Ki je da kanki ki auna, ko ki sa a karanta miki abin da ke rubuce a gefen katifar. A ce ta mu mai inci 10 ce. Kowane gefe yana buƙatar inci 10 na kauri, da ƙarin inci 5 da zai shige ƙarƙashin katifa har da kalmasar da roba za ta bi. Inci 15 ke nan a kowane gefe, 30 a gefe biyu. Tsawon yankanki ya zama 105, faɗi 102.

A nan sabbin shiga ke tuntuɓe. Yadin zanin gado mai faɗi da kike samu a kasuwa sau da yawa bai wuce inci 90 da ɗan wani abu ba, ke kuma 102 kike nema. Wasu sai su haɗa ƙyalle biyu a tsakiya, ɗinkin ya bi ta ƙarƙashin bayan mai barci, ga muni ga damuwa. Ki bar babban ƙyallen a tsakiya yadda yake, ki ƙara siririn ƙyalle mai faɗin inci 7 a dama da hagu. Tunda saman katifar 72 ne, yadin mai 90 zai sauko kusan inci 9 a kowane gefe, sai mahaɗin ya faɗa can ƙasan gefen katifa inda ido ba ya zuwa. Waɗannan siraran za ki fitar da su ne daga yanka uku na inci 7 a faɗin yadin, ki jona su. Inci 21 ke nan a kan 105, jimla 126, wato yadi uku da rabi cif.

Daga nan ki shimfiɗa shi, ki zana murabba'i mai inci 15 da 15 a kowace kusurwa da alli, ki yanke. Ki haɗa bakin biyu na inda kika yanke ki ɗinke, shi ne zai ba ki aljihun da kusurwar katifa za ta shiga. Wannan ɗinkin ki bi shi sau biyu, domin nan ne ke fara yagewa in ana jan zanin da ƙarfi. Roba kuwa ba dole ta zagaye duka ba. Ni inci 12 nake sawa a kowace kusurwa, in ja ta ta mamaye kamar inci 20 na bakin zanin. In kika ga kusurwa na fita da an hau gadon, ba laifin robar ba ne yawanci, zurfin aljihun ne bai kai ba.

Rigar filo ba ta da wuya. Ga filo mai kamar inci 18 da 28, ki yanka faɗin 20 da tsawon 70, ki naɗe yadda baki zai sami leɓen da ke riƙe filon daga ciki, ba zif ba maɓalli. Guda biyu sun ci inci 40 na yadinki. In kin tara da 126 na ɗazu kin sami 166, ya haura yadi huɗu da rabi kaɗan. Ki sayi biyar. Ragowar ba asara ba ce, ga dalili.

Auduga zalla tana shiga in ta sha ruwa, tana iya raguwa inci ɗaya zuwa biyu a kowane yadi a wankin farko. Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Wani ƙaramin masaukin baƙi a gefen garin nan ya ba ni aikin ɗakuna 12, aiki mafi girma da na taɓa samu a lokacin. Sauri ya sa na yanka farin yadin yadda ya fito daga kanti. Ranar da na kai, komai ya zauna kamar an zana. Bayan sati biyu manajan ya kira ni, na je na tarar da mai gyaran ɗaki tana jan kusurwa ɗaya, ɗayar na fizgewa, ta koma can wannan ta fita. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, tun da aka wanke su ba su ƙara shiga ba." Na kwaso su duka na ƙara musu ƙyalle da kuɗin aljihuna, ribar aikin ta tafi a nan. Tun daga ranar, duk sabon yadin da ban sani ba sai na yanki rabin yadi, na auna, na jiƙa, na shanya, na goge, na sake aunawa. In ya shiga, duka bandir ɗin sai ya sha ruwa kafin almakashi ya taɓa shi. In mai launi ne, ki jefa farin ƙyalle a cikin ruwan ki gani ko yana zuba.

Wannan aikin ya koya mini wasu abubuwa game da masaukan baƙi da ya kamata ki sani tun kafin ki taka ƙofarsu. Fari suke so, domin da bilic suke wanki. Bilic da dutsen guga mai zafi kuwa suna kashe roba cikin 'yan watanni, shi ya sa gara ki ba su shawarar shimfiɗaɗɗen zani marar roba, mai yalwar da za a cusa ƙarƙashin katifa. Kowane gado yana buƙatar saiti uku: ɗaya a kan gado, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a ajiye. In mai wurin ya ce saiti ɗaya-ɗaya yake so, ki yi masa wannan bayanin cikin ladabi, ki tuna masa damunar Jos da yadda shanya ke kwana biyu ba ta bushe ba a watan Agusta. Ɗakuna 12 sun zama saiti 36. Kuma ki sayi yadin duka a lokaci ɗaya, daga kaya ɗaya. Fari ba iri ɗaya ba ne, wani yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, wani ruwan madara, ba za ki gane ba sai an shimfiɗa su gefe da gefe a kan gado.

Labule ya fi zanin gado riba, ya kuma fi shi saurin tona asirin wanda bai iya ba. Kuskuren farko shi ne auna taga. Ba taga ake aunawa ba, ƙarfen labule ake aunawa. A ce taga faɗinta inci 48, ƙarfen zai wuce ta da kamar inci 6 a kowane gefe, ya zama 60. Labule kuma ba a yanka shi daidai da ƙarfe, sai an ninka, in ba haka ba zai tsaya a miƙe kamar an rataye zani. Ninki biyu shi ne mafi ƙaranci da zai ba da tattara mai kyau, mai shara-shara kuwa yana son biyu da rabi ko uku. To 60 sau biyu 120, a raba fale biyu, kowanne 60, a ƙara inci 4 na kalmasar gefe. Tsawo kuma daga ƙarfe zuwa ƙasa. In kin sami 96, ki rage inci ɗaya don kada ya riƙa sharar ƙura, ki ƙara 4 na sama da 6 na kalmasar ƙasa, kin koma 105. Ki auna tsawon a dama da hagu na kowace taga, domin daɓen gidajenmu ba kullum yake daidai ba, kuma kada ki ɗauka tagogi biyu na ɗaki ɗaya awonsu ɗaya ne.

Yadin labule iri biyu za ki tarar. Akwai mai faɗin kusan inci 110, wanda faɗin nasa ne ke zama tsawon labule, sai ki sayi abin da faɗin taga ke buƙata kawai, a lissafinmu inci 128, yadi uku da rabi da ɗan ɗori. Akwai kuma mai kusan inci 60, wanda za ki yanka tsawo biyu na 105, kusan yadi shida, sai dai bayan kalmasar gefe ninkin zai ɗan gaza biyu. Kin ga wanda ya fi araha a yadi ɗaya yana iya fin tsada a taga ɗaya, don haka ki tambayi faɗi kafin ki tambayi kuɗi. In yadin mai manyan furanni ne, ki ƙara saye, domin dole furen fale na dama ya yi daidai da na hagu in an ja su sun haɗu, kuma daidaita su yana cin ƙyalle.

In da zobba za ki yi saman, adadinsu a kowane fale ya zama mai rabuwa biyu, kamar 8 ga fale mai wannan faɗin. In kika sa 7 ko 9, baki ɗaya zai juya bango, ɗayan ya juyo cikin ɗaki yana nuna bayan ɗinki. Ki sa tef mai tauri a cikin kalmasar sama don zobban su sami abin kamawa. Allura lamba 14 ta isa zanin gado, labule mai nauyi kuwa sai 16 ko 18, kuma ki buɗe takun ɗinkin ya ɗan yi tsawo. In kika ga gefen labule ya tattare kamar an ja zare, ko dai zaren sama ya yi tsauri, ko kin ɗinka a kan bakin yadin na kamfani wanda saƙarsa ta fi sauran tauri, gara ki yanke shi. Wani abu da nake yi har yau: ba na kalmashe ƙasa sai labulen ya kwana a rataye, domin mai nauyi yana saki. Ina kama shi da fil a wurin, in dawo in ɗinke. A Jos kuma ki riƙa tayin sa shafi a baya. Masu gida a Rayfield da sauran unguwanni masu manyan tagogi sun san iskar Disamba da Janairu, labule mai shafi yana rage ta, yana kuma kare yadin daga cin rana. Aiki ne kaɗan a wurinki, kuɗinsa kuma daban.

Saura ta ina masu saye za su fito. Kada ki zauna jiran su a shago, kuma kada ki fara da manyan otal, suna da masu kawo musu kaya kuma biyansu yana jan lokaci. Ki tambayi kanki, wa uwar amarya ke gani kafin ta tuna da labule? Kafinta mai gado da kujeru, mai sayar da katifa, da dillaliyar da ke haɗa kayan ɗaki. Waɗannan ukun su ne ƙofarki. Ki ɗinka saiti ɗaya mai kyau na shida da shida, ki je wurin mai katifa ɗaya da kika yarda da shi, ki roƙe shi ki shimfiɗa a kan katifar da ya jingina a bakin shago. Gani ya kori ji. Ku yi magana a fili kan abin da za ki ba shi a kowane saitin da ya kawo miki mai saye, kuma ki biya shi ranar da aka biya ki, ba sai ya tambaya ba. In kin saɓa masa sau ɗaya zai kai wa wata. Ranar jere kuma, in an yarda, ki je ki rataye labulen da hannunki. Ɗakin cike yake da mata, kowacce tana da 'ya ko ƙanwa a hanya, kuma za su tambayi wa ya ɗinka. Kwastomominki na riga ma kada ki raina su, kowacce tana da gado a gida. Ki rataye samfur a inda take zama tana jiran awo.

Batun jari, wannan aikin ba da kuɗinki ake yin sa ba in kin tsare ƙa'ida ɗaya: kuɗin yadi duka a hannu kafin ki je kasuwa. A kayan sawa, mai riga ce ke kawo atamfarta, a nan kuwa ke ce mai saye, kuma yadi ne ke cin mafi yawan kuɗin. Ki lissafa yadi a farashin ranar, da roba, zare, zobba, tef, ledar da za ki naɗe, kuɗin mota zuwa awo da zuwa kaiwa, sannan ladan hannunki, ki rubuta a takarda biyu, ɗaya taki ɗaya tasu. Ki rubuta cewa farashin na sati ɗaya ne, domin kin san yadda kaya ke tashi tsakanin Litinin da Asabar. Ki manna ɗan ƙyallen yadin da aka zaɓa a jikin takardar, mai kaya ta sa hannu, saboda ranar da za a ce ba wannan launin aka nuna miki ba. Ga masaukin baƙi, ki kai kashi-kashi, a biya na farko kafin na biyu ya fita daga shagonki. Kowa ya ce sai kin gama duka za a duba biya, ki ba shi haƙuri ki wuce, jarinki bai kai ya kwana a hannun wani ba.

Da farko ki sayi yadinki a nan Taminus da kewayenta, ko da ya ɗan fi tsada, domin in ya gaza kina iya komawa ki ƙaro daga bandir ɗin. Zuwa Kantin Kwari a Kano sai aikin ya kai yawan da rangwamen sari zai biya kuɗin mota ya bar saura. Haka ma keken kamfani mai gudu da na wibin, ki bari sai aikin da kansa ya matsa miki. Kekenki zai ja zanin gado da matsakaicin labule lafiya, inda zai gaji shi ne ninki huɗu na yadi mai kauri da doguwar jinga mai wa'adi. Abin da za ki buƙata tun yanzu shi ne fili. Ƙyallen inci 105 ba ya yankuwa daidai a kan ɗan teburin shago, ki share ƙasa ki shimfiɗa leda, ki samo tef na ƙarfe irin na kafintoci, domin na wuyanki inci 60 ne kawai kuma yana saki in ya tsufa.

Kada ki saki ɗinkin rigunanki, su ne ke riƙe da ke a Sallah. Ki fara da katifar ɗakinki a wannan satin. Ki auna ta, ki jiƙa yadin, ki ɗinka, ki kwana a kai dare uku, ki wanke ki mayar. In kusurwa huɗun sun zauna bayan wanki, ki ɗinka na biyu ki kai wa mai katifa.